Wane injin gem zan fara da shi a tsohuwar laftof mai ram giga 4?

Sadik: Assalamu alaikum 'yan uwa. Don Allah shawara nake nema. Na daɗe ina son koyon haɗa gem amma ban taɓa rubuta kod ko layi ɗaya ba, kuma laftof ɗina tsohuwa ce, yayana ne ya bar min ita. Ram giga 4, Windows 10. Kwana uku ke nan ina kallon bidiyo, wannan ya ce Unity wancan ya ce Unreal wani ya ce Godot, duk kaina ya ɗaure. Wani abokina ya saka min Godot 4.2 a filash, ya buɗe lafiya lau, amma ina ƙirƙirar sabon furojet sai ya fito min da "Unable to initialize Vulkan video driver" ya rufe. Laftof ɗin ce ba za ta iya ba in haƙura, ko wani injin zan nema?

Bash: Wa alaikumus salam. Kai dai ka sauke Unity kawai ka huta. Shi ne ya fi yawan tutoriyal, duk matsalar da za ka shiga wani ya riga ka shiga ya rubuta maganinta, kuma C# za ka koya wanda ko ka bar harkar gem zai yi maka amfani. Ni laftof ɗina ta 2014 ce kuma da Unity nake aiki kullum ba matsala.

Ɗanlami: Da giga 4 ai gem na ƙwallo tsofaffin za su hau, da na tseren mota, ka dai rage girafik ɗin zuwa ƙasa. Sabbin nan kam kada ma ka wahalar da kanka

Sadik: A'a Yaya Ɗanlami ba buga gem nake nufi ba, haɗawa nake so in koya, in yi nawa da kaina.

Ɗanlami: Au to yi haƙuri ban karanta da kyau ba. Bari in zauna in ji, ni ma ina so in san yadda ake yi.

Malam Nura: Wa alaikumus salam Sadik. Kada ka haƙura tukuna, kuma kada ka sauke komai. Ram kaɗai ka faɗa mana, alhali eror ɗin da ka gani ba ruwansa da ram, maganar girafik yake yi. Danna maɓallin Windows tare da R, ka rubuta wannan:

```
dxdiag
```

A shafin farko ka duba layin Processor, sannan ka shiga Display ka duba Name. Ka turo mana duka biyun yadda suke. Sannan ka buɗe Task Manager, ɓangaren Performance, ka gaya min faifan ajiyar HDD aka rubuta ko SSD, da kuma ram nawa Windows ya cinye kafin ka buɗe komai.

Sadik: To Malam ga su. Processor: Intel Core i5-4200U. Display: Intel HD Graphics Family. Faifan HDD ne giga 500. Ram kuma 2.1 ya nuna ana amfani da shi, daga na buɗe burauza da bidiyo ɗaya ya haura 3.2

Malam Nura: Yawwa, yanzu magana ta fito. Wannan firosesar ta 2013 ce, girafik ɗin da ke cikinta HD 4400 ne. Vulkan wata hanya ce da manhaja ke bi ta yi magana da girafik, kuma sai a 2016 ta fito. A Windows direban Intel bai ba wa irin taka Vulkan ba, sai daga firosesa ƙarni na shida zuwa sama, wato masu lamba 6000 da wani abu. Taka ƙarni na huɗu ce. Amma tana da tsohuwar hanyar, OpenGL, har 4.3, Godot kuwa OpenGL 3.3 kawai yake nema.

Abin da ya faru da kai shi ne, a tagar ƙirƙirar furojet akwai zaɓi uku a ƙasa: Forward+, Mobile, Compatibility. Na farkon ne a zaɓe tun asali kai kuma ba ka taɓa ba. Biyun farko su ke neman Vulkan. Koma ka yi sabon furojet ka zaɓi Compatibility, shi ke nan. Mutane da yawa suna ganin Mobile su ɗauka shi ne mara nauyi tunda sunan waya ne, to shi ma zai rufe maka kamar na farko.

Kabiru: Ni a ganina ram ɗin ce matsalar Malam. In ya ƙara ta koma 8 duk wannan eror ɗin zai tafi, ni da na ƙara komai ya daidaita.

Malam Nura: Ƙarin ram zai taimake shi sosai Kabiru, zan zo kan wannan, amma ba zai kawo Vulkan ba. Ko giga 16 ya saka girafik ɗin dai shi ne, direban shi ne. Kamar ka faɗaɗa tebur ne, za ka samu wurin baza kaya, amma na'urar da ke kan teburin ba ta canja ba.

Sadik: Malam ya buɗe!! Wallahi ya buɗe. Na zaɓi Compatibility ga shi ina ciki. Ashe tun jiya abu ɗan ƙarami ne ya tare ni. Amma yanzu tambayar, in tsaya a nan ko in bi shawarar Bash? Don gaskiya da na bincika bidiyon Unity sun fi yawa.

Bash: Na faɗa maka. Buɗewa daban, samun mai koya maka daban. Godot yarensa GDScript ba inda ake amfani da shi sai cikin Godot, ka gama koyo ka ga ba ka da abin nunawa.

Malam Nura: Bash maganarka kan yawan tutoriyal gaskiya ce, ban musa ba, Unity tun 2005 yake. Amma bari in tambaye ka, laftof ɗinka ta 2014 ram nawa ce kuma wane faifai ne a ciki?

Bash: Giga 8. Na cire hadis ɗin na saka SSD tun shekarar da na fara.

Malam Nura: To ka ga ba irin tasa ba ce, shekarun ne kawai suka zo ɗaya. Kuma a nan ne bambancin yake. Mai koyo aikinsa duka abu ɗaya ne yake ta maimaitawa: ya canja lamba ɗaya, ya danna Play, ya ga abin da ya faru, ya dawo ya sake. A zama ɗaya zai iya yin haka sau hamsin ko ɗari. A Unity duk sanda ka taɓa kod ka ajiye sai edita ya sake harhaɗa C# ɗin ya sake loda shi, kuma yana ajiye dubban ƙananan fayiloli a foldar Library. Hadis mai juyawa babu abin da ya tsana kamar ƙananan fayiloli masu yawa, allurarsa ce ke ta tsalle daga nan zuwa can. Ga shi kuma Sadik ya ce daga ya buɗe bidiyo ram ta kai 3.2, saura ƙasa da giga ɗaya. Unity da editan kod ba za su shiga wannan gurbin ba, sai Windows ya fara kwashe abin da ke ram yana zubawa a hadis ɗin nan dai da ya riga ya gaji. Alamar ita ce ka ga Disk ya tsaya a 100% a Task Manager, linzami yana motsi amma komai ya daskare.

Yi lissafi da kanka. In kowane gwaji yana cin daƙiƙa 40 na jira, gwaji 60 minti 40 ke nan kana kallon sikirin. In daƙiƙa 3 ne, minti 3. Kuma ba lokacin ne kaɗai ke tafiya ba, kafin ya buɗe ka manta me ma ka canja, sai ka fara canja abu uku a tare don ka rage jira, in ya lalace ba ka san wanne ya lalata ba.

Bash: To wannan na yarda, kafin in saka SSD ni ma na sha jira. Amma maganar yare fa ba ka amsa ba.

Malam Nura: Abin da zai koya a wata shidan farko ba yare ba ne sosai. Yadda ake ajiye lamba a canja ta, in kaza ya faru yi kaza, maimaitawa, yadda abu biyu ke karo, yadda ake raba gem gida gida. Waɗannan in ya koma C# yana tafe da su. Ni ban ce kada ya taɓa Unity har abada ba.

Bash: Ni dai har yanzu ina ganin wanda ya fara da C# ya fi samun tushe mai ƙarfi, GDScript yana yi wa mutum sassauci da yawa. Amma da wannan laftof ɗin ba zan matsa ba.

Hafsat: Sadik ni abu ɗaya zan ce, Unreal ka cire shi a lissafi yanzu. Ni na fara da shi ne saboda Blueprints, an ce ba sai ka rubuta kod ba sai dai ka ja layi tsakanin akwatuna. Laftof ɗina a lokacin ram 8 ce ma, amma ba ta da katin girafik na daban. Saukewar kaɗai giga gommai ce, da ya buɗe kuma ya hau Compiling Shaders, lambar dubbai tana sauka a hankali, fanka tana ihu, ƙasan laftof ɗin ba ya taɓuwa don zafi. Na bar ta har dare. Da ya gama ko juya kyamara na yi sai hoton ya riƙa yankewa. Ba laifin injin ba ne, an yi shi ne don manyan kwamfutoci, ni ce na ɗora wa tawa abin da ya fi ƙarfinta. Sati biyu na ɓata ban koyi komai ba sai jira.

Sadik: Allah ya saka Anti Hafsat, dama shi ne ya fi burge ni a bidiyo saboda kyan hoton. Na cire shi.

Ummi: Ni kuma ina da ja kaɗan. Kowa yana maganar laftof an manta ya ce bai taɓa rubuta kod ba. Me zai hana ya fara da GDevelop? Ba ka rubuta komai, layi layi ne, hagu sharaɗi dama aiki: in an danna kibiyar dama, ɗan wasa ya matsa dama. Ƙanwata shekararta 13 a yini biyu ta yi gem na tsalle tsalle da shi. Kyauta ne kuma har a burauza yana aiki. Mutum in ya ga abu yana motsi a ranar farko ya fi samun ƙarfin gwiwa da ya zauna yana neman inda ya manta digo biyu.

Malam Nura: Shawara ce mai kyau Malama Ummi, kuma ga wanda kod ke firgita shi ita zan ba shi. Abin da zan ƙara kawai, rashin kod ba ya nufin rashin nauyi. GDevelop ko ka sauke shi a kwamfuta, a kan injin burauza aka gina shi, gwajin gem ɗin ma wata tagar burauza ce. To ga mai giga 4 da ke kallon tutoriyal a gefe kamar ya buɗe burauza biyu ne ko uku. Zai yi aiki, ban ce ba zai yi ba, sai dai kada a ɗauka dole ya fi Godot sauƙi a wajen laftof ɗin.

Ummi: A tamu giga 4 ce kuma yana tafiya, sai dai gaskiya a waya take kallon bidiyon ba a laftof ba. Ni dai na fi damuwa da kada ya gaji ya bari. Na ga mutum uku da suka fara da kod suka gudu a satin farko.

Malam Nura: Wannan dabarar kallon bidiyo a waya ma Sadik ka ɗauka, giga ɗaya cur za ta dawo maka. Kuma ba sai mun yanke maka ba. Ka yi abu ɗaya a duka biyun: akwati ɗaya da kibiyoyi ke motsa shi, da bango da zai tare shi. Ka riƙe agogo ka ga daƙiƙa nawa daga danna Play zuwa fitowar hoto, ka leƙa Task Manager ka ga Memory da Disk. Wanda ka fi gane abin da kake yi a ciki kuma laftof ba ta shaƙe ba, shi ne naka.

Yakubu: Malam don Allah ni ma a duba min. Na bi duk abin da kuka ce, na zaɓi saukar Godot 4 amma ni ko tagar farko ba ta buɗewa, yana ce min wai OpenGL 3.3. Tawa i3-2310M ce, HD Graphics 3000.

Malam Nura: Yakubu taka ta girmi ta Sadik da shekara biyu, ta 2011 ce, kuma a Windows HD 3000 a OpenGL 3.1 ya tsaya. Saura ƙiris amma bai kai ba. Hanya mafi sauƙi ka sauke Godot 3.6, ya fito a 2024, ba wai yasasshe ba ne. Wajen yin furojet ka zaɓi OpenGL ES 2.0. In shi ma ya ƙi buɗewa, ka buɗe cmd a foldar da yake ka kira shi haka:

```
Godot_v3.6-stable_win64.exe --video-driver GLES2
```

Ka tabbata sunan fayil ɗin ya yi daidai da wanda ka sauke. Amma kafin nan ka duba dxdiag, in ka ga Microsoft Basic Display Adapter a wajen Name to direban girafik ne ma babu gaba ɗaya, kuma babu injin da zai yi maka aiki sai ka saka shi.

Kabiru: Ko ya saka Linux. A Linux wannan HD 3000 ɗin yana kai 3.3, Godot 4 zai buɗe a Compatibility, kuma Linux mara nauyi ba ya cin ram kamar Windows.

Malam Nura: Wannan gaskiya ne Kabiru, direban Mesa ya kai shi 3.3. Ni abin da ke sa ni jinkiri, mutum ya zo koyon gem sai mu haɗa masa da koyon sabon tsarin kwamfuta, ga haɗarin goge fayilolinsa wajen sakawa. In yana da mai zama kusa da shi ya taya shi, to.

Yakubu: Ba ni da kowa gaskiya. Amma kuma ina tsoron in koyi 3 alhali duniya ta koma 4, kada in yi wahalar banza.

Kabiru: Shi ya sa na ce Linux. Ka gwada shi daga filash ba tare da ka goge komai ba.

Yakubu: Bari in fara da 3.6 ɗin in ga ko ma zai buɗe, maganar Linux sai na yi tunani.

Sadik: Na dawo da sabuwar matsala. Na bi wani tutoriyal na motsa ɗan wasa, na kwafi kod ɗin harafi da harafi na duba sau uku, amma ƙasa ta yi ja tana cewa Could not find base class "KinematicBody2D". Kuma da na nemi KinematicBody2D a jerin nod babu shi sam.

Malam Nura: Ba kuskurenka ba ne, bidiyon na Godot 3 ne kai kuma kana kan 4. Godot 4.0 ya fito a Maris 2023 kuma an canja sunaye da yawa, shi ya sa duk bidiyon da ya girmi wannan lokacin ka yi hattara da shi. KinematicBody2D ya koma CharacterBody2D. Ga yadda ake yi a naka:

```gdscript
extends CharacterBody2D

@export var speed = 200

func _physics_process(_delta):
	velocity = Input.get_vector("ui_left", "ui_right", "ui_up", "ui_down") * speed
	move_and_slide()
```

Ka lura `move_and_slide()` ba a saka masa komai a ciki, da kansa yake karanta `velocity`. A 3 kuwa miƙa masa ake yi a cikin baka. In ka ga mai bidiyo ya rubuta `export var` babu alamar @ a gaba, ko `instance()` maimakon `instantiate()`, to na 3 ne, ka rufe ka nemi wani. Yakubu kai kuma akasin haka, waɗannan tsofaffin bidiyon su ne naka, kuma suna da yawa.

Nod ɗin CharacterBody2D ka saka masa 'ya'ya biyu a ƙarƙashi, Sprite2D don hoto da CollisionShape2D don jikin da zai yi karo, kuma ka ba wa na biyun siffa a Inspector, in ba haka ba zai ratsa bango ya wuce.

Bash: Ka ga abin da nake faɗa kan tutoriyal ko. Ranar farko har ya faɗa rami.

Hafsat: Bash ai Unity ma haka ne, bidiyon da aka yi da tsohon tsarin Input in ka bi shi a furojet mai sabon tsarin eror za ka sha. Kowane inji sai ka duba shekarar bidiyo.

Sadik: Ya motsa! Akwatin yana bin kibiya. Na canja 200 zuwa 500 ya koma gudu, na mai da 50 yana rarrafe. Na riƙe agogo kamar yadda kuka ce, F5 zuwa fitowar hoto wajen daƙiƙa 4. GDevelop ma na gwada Anti Ummi, gaskiya shi na fi saurin ganewa, ban yi minti goma ba abu ya motsa, sai dai buɗe gwajin ya fi jinkiri a wajena kuma ram ta kai 3.6. Ina jin zan zauna a Godot saboda ina son in iya kod ɗin dama.

Ummi: Ba laifi, tunda ka gwada da hannunka. In ka ji kod ya fara isarka kada ka bar harkar gaba ɗaya, ka dawo wancan ka gama gem ɗaya tukuna. Ni har yanzu da shi zan fara wa duk wanda ya zo min.

Ɗanlami: Tambaya daga mai kallo. Da wannan laftof ɗin tasa zai iya yin gem irin na 3D mai gari da motoci?

Malam Nura: Ƙaramin 3D mai sauƙin siffofi, fitila ɗaya, ba inuwa mai yawa, zai yi. Gari guda da motoci a'a, kuma ko da babbar kwamfuta wannan ba aikin mutum ɗaya mai farawa ba ne. Ya zauna a 2D yanzu, HD 4400 zai ɗauki 2D ba tare da ya ji komai ba in an kula da girman hotuna.

Sadik: Malam kamar kun san abin da ke faruwa. Na saka hoton bango guda uku da na sauke, masu kyau sosai, tun daga nan editan yake nauyi kuma gem ɗin yana ɗaukar lokaci kafin ya buɗe. Amma hotunan ba su da girma fa, kowanne mega 5 ne ko 6.

Malam Nura: Danna hoton a FileSystem sau biyu ka duba Inspector, faɗi da tsawo nawa ya nuna?

Sadik: 6000 da 4000

Malam Nura: To ga ɓarawon. Mega 5 ɗin nan girmansa ne a matse cikin fayil. Girafik ba ya zana matsattsen JPG, sai an warware shi, kuma kowane ɗigo yana iya cin bayit 4: ja, kore, shuɗi da na huɗun mai nuna ko ana gani ta cikinsa. 6000 sau 4000 ɗigo miliyan 24 ke nan, sau 4 ya ba ka mega 96. Guda uku sun kusa mega 290. In ma hoton ba shi da na huɗun aka ajiye shi da bayit 3, mega 72 ne kowanne, duk dai nauyi ne. Kuma girafik ɗinka ba shi da ma'ajiyar kansa, daga cikin giga 4 ɗin nan yake yanka. Edita ya loda nasa, gem ɗin da ka kunna ya loda nasa daban.

Sikirin ɗinka kuwa ina kyautata zaton 1366 da 768 ne, hoton da ya cika shi tsaf mega 4 da ɗan kai kawai yake ci. Wato kana ɗaukar nauyi ninki ashirin da wani abu na abin da ido ba zai gani ba. Ka rage su a manhajar gyaran hoto kafin ka shigo da su, wannan ya fi. Ko ka zaɓi hoton, ka shiga shafin Import kusa da Scene, ka nemi Size Limit ka saka 1366, ka danna Reimport. In kana son gani da idonka, kunna gem ɗin ka duba Debugger a ƙasa, akwai Video RAM, zai jera maka kowane hoto da abin da ya ci.

Kabiru: Yanzu dai a zo maganar ram ɗin da aka ce za a zo, haha

Malam Nura: An zo Kabiru. Sadik a Task Manager wajen Memory akwai Slots used. In ya ce 1 of 2 akwai gurbi, za ka iya ƙara giga 4 ta zama 8, kuma da yake sanda biyu za su yi aiki tare girafik ɗin ma zai ɗan ƙara sauri tunda daga nan yake ci. Ka kula irin taka DDR3L take so, mai L a ƙarshe, ba DDR3 zalla ba. Wasu siraran laftof kuma a manne ram ɗin take ba ta ƙaruwa.

Bash: Ni SSD zan ce ya fara saya kafin ram. Ranar da na saka ji na yi kamar sabuwar kwamfuta.

Kabiru: In ram ta ishe shi ai ba zai riƙa taɓa hadis ɗin ba balle ya ji jinkirinsa. Ram tukuna.

Malam Nura: Kowannenku yana da hujja, kuma ya danganta da wanne ke cika a Task Manager ɗinsa lokacin da ta daskare. Amma a yau ba ya buƙatar ko ɗaya kafin ya gama gem na farko. Sadik kada ka sauke Export Templates ma yanzu, sun fi editan kansa girma nesa ba kusa ba, sai ranar da za ka fitar da gem ɗin ka ba wani.

Yakubu: 3.6 ya buɗe a tawa da OpenGL ES 2.0. Na bi tsohon bidiyon nan da ya ba Sadik matsala, ni ya yi min aiki daidai. Maganar 4 har yanzu tana raina amma bari in ci gaba a haka.

Sadik: Na rage hotunan, Video RAM ya sauko daga ɗari biyu da wani abu zuwa ƙasa da 20, F5 ya dawo daƙiƙa 4. Slots used ya ce 1 of 2. Yanzu na saka bango huɗu da wani ɗan zagaye da nake so in ɗan wasa ya taɓa shi ya ɓace a ƙara maki ɗaya, na saka masa CollisionShape2D amma ɗan wasan yana zuwa sai ya tsaya a jikinsa kamar bango, ba ya ɓacewa. StaticBody2D na yi amfani da shi, ko ba shi ba ne?

Hafsat: Ba shi ba ne, StaticBody2D na bango ne shi ya sa yake tare ka. Canja shi zuwa Area2D, ka saka masa script nasa, ka shiga shafin Node ka haɗa siginar `body_entered` zuwa shi Area2D ɗin kansa, a cikin aikin da zai buɗe maka ka rubuta `queue_free()`. Gwada ka gaya mana, makin sai ya ɓace tukuna mu yi maganarsa.